Saƙon Mai Kushin Ga Ba-Birki

Mai Kushin ake ce masa, tun daga bakin titi har cikin gidansa, kuma da daminar shekarar 1987 ya fara haɗuwa da mutumin da daga baya aka laƙaba wa suna Ba-Birki. A ajin manya suka haɗu, wanda ake yi da yamma a wata makarantar firamare bayan yara sun tashi. Bencinan na yara ne, gwiwar magidanci ba ta shiga ƙarƙashin tebur, saboda haka kowa a karkace yake zama. Mai Kushin yana da shekara talatin da takwas a lokacin, da mata, da 'ya'ya, da shagon gyaran kujeru nasa na kansa. Wanda aka zaunar kusa da shi, gefen taga, direban babbar mota ne, dogo, mai ƙarar murya, wanda ya girme wa kunya amma bai girme wa gaggawa ba. Da ya fara iya haɗa baƙi, sai ya riƙa karatu kamar mota a gangare, ba ya tsayawa a aya, ba ya shan numfashi, har Malam ya ce da shi wata rana, "Direba, motar nan taka ba birki ne?" Ajin ya fashe da dariya, sunan kuma ya zauna.

Shekara uku suka yi a benci ɗaya. Wanda bai koyi karatu da gemu a fuskarsa ba, ba zai san irin zumuncin da ke tsakanin mutum biyu da suka ga juna suna gumi a kan baƙi ɗaya ba. Bayan an gama, direban ya samu mota tasa, ya koma wani gari da lodi, mota ɗaya ta haifi biyu, biyu suka haifi goma. Ba su yi faɗa ba. Gaisuwa ce ta yi ta raguwa, daga ta baki zuwa ta aike, daga ta aike zuwa babu, har shiru ya yi kauri irin wanda kowa ke jin nauyin fara fasa shi.

Mai Kushin bai taɓa ɓoye lokacin da ya koyi karatu ba. Takardar shaidarsa tana rataye a shago cikin gilashi, sama da teburin da yake yanka soso, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ji labari har da ranar. Mutum ne mai ji da kansa, amma aikinsa ya ba shi dalili. Idan aka kawo masa kujera, ba ya yarda ya lulluɓa sabon yadi a kan tsohon ciwo. Sai ya feɗe ta har katako, ya ƙwanƙwasa kowace gaɓa, ya cire sifirin ɗin ƙarfe da ya mutu, ya sake ɗaure na kirki, sannan ya kira mai ita ya nuna masa kafin ya rufe. Masu sauri suna cewa yana da jan aiki. Su ne kuma suke dawowa.

Akwai abin da ya fi kujeru muhimmanci a makonsa. Malam ya tsufa, idonsa ya tafi gaba ɗaya. Tun da abin ya fara, tsofaffin ɗalibansa na ajin manya suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowa da ranar da zai je ya yi masa karatu: jarida, tsofaffin littattafansa, takardar da ke cikin kwalin magani. Ba wanda ya umarce su. Shi ya sa musu karatu a baki, suka ga ya kamata su mayar masa da shi a kunne. Yana zaune a gidan 'yar ƙanwarsa, ita kuwa tana fita aiki tun safe. An saya masa rediyo, ya ce rediyo ba ya tsayawa a yi masa tambaya. Sai dai shekaru sun ci ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Tela ya rasu, mai faci ya koma ƙauyensu, magini ya samu shanyewar ɓarin jiki. Aka bar Mai Kushin shi kaɗai, Talata da Asabar.

To, a farkon shekarar 2019 shi ma tafiya ta zo masa. Matarsa ta rasu, gwiwoyinsa sun ƙi tsugunno, babbar 'yarsa kuma, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ta ce ba za ta ci gaba da barinsa shi kaɗai a gida ba. Ta gyara masa ɗaki, ta sa tsakiyar watan Maris za ta zo da mota. Ya yarda da komai, abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: ranar da ya tafi, Malam zai wayi gari ba mai buɗe masa littafi.

Ana cikin haka wani direba ya kawo kujerar babbar mota a sake mata soso. Hira ta yi hira, ya ambaci maigidansa, dogo, mai ƙarar murya, wanda ya fara da mota ɗaya. Mai Kushin ya ajiye almakashi. Ashe mutumin ya dawo garin shekaru da dama, yana can ɗaya gefen, a unguwar masu katanga mai tsawo. Da ƙyar direban ya ba da lambar wayar.

"Baba, ka rufa mini asiri," ya ce. "Alhaji ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. Kullum sai wani ya ɓullo, wai tare suka yi yarinta, ƙarshen magana kuwa ka san inda take sauka. Wayar ma yawanci tana hannun babban ɗansa, shi ke karantawa ya share na sharewa. Sai bayan azahar, in yaron ya tafi gareji, take komawa hannun mai ita."

A ƙarshen makon 'yar ta zo haɗa kaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta. Ta same shi a shago da fensirin kafinta a hannu, ya cika bayan wani kwali da rubutu, ya soke, ya sake.

"Baba, wasiyya kake rubutawa?"

"Zauna, Uwata. Ki ji wannan." Ya gyara tabarau ya karanta mata: ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyar iyali, da harkoki, da addu'ar Allah ya ƙara arziki da ɗaukaka. Gaisuwar ta kai rabin kwalin kafin a zo ga sunan mai rubutu.

Ta rufe baki tana dariya. "Wallahi Baba, in ni ce ɗansa, ina ganin Allah ya ƙara arziki zan share. Wannan ai shimfiɗar roƙo ce. Kuma ba kamar wasiƙar takarda ba ce. A waya, kalmomin farko kaɗai ke fitowa a fuska kafin mutum ya buɗe. In ba a ga ko wane ne a nan ba, shi ke nan."

Bai ji daɗin dariyar ba, amma ya gane gaskiyarta. Ya ja layi a kan rubutun. Shi kansa, da ya sake dubawa, ya ga ya rusuna wa mutumin da suka taɓa raba fensir ɗaya, kuma rusunawar ta yi masa ɗaci.

"To ka yi masa irin ta dā mana," in ji ta. "Ka ce, Ba-Birki, kana raye kuwa? Ai yana gani zai san kai ne."

"Zai sani. Ɗansa ma zai sani, ya je ya tambaye shi, Abba, wane ne Ba-Birki? Mutum ya haura sittin, yana da ma'aikata, yana da surukai. Sunan wasa kamar takalmin da ka bari a ƙofar wani ne. Bayan shekara kusan talatin ba ka shiga ka ɗauka sai mai gida ya ce bismillah."

"To, ka ce masa, Alhaji an samu duniya an manta da mu."

"Wannan ya fi muni. Mutane suna faɗinsa da dariya, amma tuhuma ce. Kafin ya amsa sallama sai ya fara kare kansa, wanda kuwa aka sa kare kansa hanyar gudu yake nema. Kuma ni ma ai ban neme shi ba. In na tsaya ba da haƙuri kuma, na ja masa dogon bayanin abin da ya hana ni, shi ma sai ya ji wajibi ne ya kawo nasa. Shirun nan ba na kowa ba ne. A bar shi inda yake."

Ta karɓi fensirin. Ita ma'aikaciya ce, ta saba rubuta abu a taƙaice. "Ga yadda ake yi. Sallama, sunanka, inda kuka san juna, da shekarar. Ka ce, ni ne Mai Kushin, mun yi ajin manya tare a 1987. Babu mai shakka kuma."

Ya karɓe fensirin daga hannunta.

"Uwata, shekararsa nawa a 1987?"

"Oho. Talatin da wani abu."

"Ɗansa ya iya lissafi. Ke kin taso kina ganin takardar can a bango, ni na rataye ta da hannuna. Shi ban san abin da ya gaya wa 'ya'yansa ba. Ko a lokacin, a cikin jakar kayan gyaran mota yake ɓoye littafinsa, don kada yaran mota su gani. Wataƙila ya faɗa musu, wataƙila bai faɗa ba. In bai faɗa ba, ba ni zan faɗa a madadinsa ba, a layin farko, bayan duk waɗannan shekaru. Sirrin nasa ne."

"To yaya zai gane ka?"

"Da abin da shi kaɗai zai gane, wanda kuma ba ƙarya ba ne."

Suka wuni a kai. Ya nace a faɗi inda aka samu lambar, domin mutum ba ya sakin jiki da wanda bai san ta inda ya shigo ba, amma a faɗa ta yadda direban ba zai sha faɗa ba. Ya nace a ambaci dalilin neman tun a saƙon farko. Ita ta so a fara da gaisuwa kawai, in ya amsa sai a kawo maganar Malam. Ya ce a'a: gaisuwa tsirara daga mutumin da ya ɓace tana sa a zauna jiran abin da zai biyo baya, in kuma buƙatar ta fito daga baya, sai gaisuwar ta zama tarko. Amma bai yarda a zuba dukan buƙatar a rubuce ba, don abin da za a ce a'a a kansa cikin sauƙi ba a miƙa shi ta waya. Da rana ta yi sanyi, ga abin da ya rage a kwalin:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Mai Kushin ne, abokin karatunka, wanda kuka zauna benci ɗaya da shi gefen taga. Na roƙi lambarka a wajen wani direbanka da ya kawo mini aiki, in da laifi nawa ne. Ina nan lafiya, ba wata buƙata ta kaina ta sa na neme ka ba. Malaminmu yana raye, idonsa ne ya tafi, kuma akwai magana a kansa da nake so mu yi baki da baki. Ta lokaci ce, ba ta aljihu ba. Duk sa'ad da ka samu sarari. A gaida iyali."

Ta ce ya kawo ta buga masa a wayar. Ya hana. Da yatsansa ɗaya, mai kaurin fata saboda guduma, ya shigar da shi harafi harafi, ya duba kowace aya. Bai aika a ranar ba. Ya jira ta koma, ya jira ranar aiki, ya jira azahar ta wuce, sannan ya danna.

Kafin la'asar alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Ba ta zo washegari ba, ba ta zo jibi ba. Ya je wa Malam ranar Asabar, ya karanta masa jarida, bai ambaci saƙon ba, don ba ya so ya ɗora wa tsoho jiran da shi kansa ya kasa ɗauka. Malam ne ma ya ce, "Na ji ana cewa 'yarka ta zo ɗaure kaya." Ya amsa da e. Malam ya ce, "Madalla da 'ya ta gari. Ci gaba, ina muka tsaya?" Muryarsa ba ta canza ba, amma hannunsa ya daɗe yana shafa bangon littafin da ke cinyarsa.

'Yar ta kira da yamma. "Baba, ka buga masa kawai. Ko ka hau mota ka je gidan."

"In na buga, na tsare shi ke nan, dole ya yi magana bai shirya ba. In na je ƙofarsa, maigadi ne zai yanke hukunci. Na ce masa duk sa'ad da ya samu sarari. Ba zan ba mutum sarari da dama in karɓe da hagu ba."

"In ya raina ka ne fa?"

Wannan ita ce tambayar da ke cinsa. Mutum mai ji da kai irinsa ya fi saurin yarda an raina shi fiye da komai, kuma sau da dama ya ɗauki wayar da niyyar share lambar. Wata rana bayan azahar yana zaune a kan wata kujera da ya feɗe, ya buɗe saƙon yana sake karanta shi ko zai gano inda ya yi kuskure. Sai ya ga ƙananan ɗigo suna motsi, alamar da 'yarsa ta nuna masa cewa wancan mutumin yana rubutu. Ɗigon suka yi ta motsi, suka tsaya, suka dawo, suka daɗe, sannan suka ɓace. Ba abin da ya shigo. Washegari a daidai wannan lokacin ya zauna ya zuba ido, ya sake ganin haka.

A nan ya gane. Wanda ya raina ka ba ya zama kullum bayan azahar yana rubutu yana sharewa. Ya tuna yadda direban yake a aji: baki da gudu, hannu da nauyi, shi ne na ƙarshen miƙa littafi, yana rufe rubutunsa da tafin hannu. Shekaru da yawa yana da masu yi masa rubutu, nasa sa hannu ne kawai. Wannan amsar kuwa ba zai ba ɗansa ya rubuta ba, kuma ba zai iya aika ta da karkatattun kalmomi zuwa ga mutumin da ya aiko masa da saƙo mai tsabta kamar na akawu ba. Mai Kushin ya kiyaye komai a saƙon nan, abu ɗaya ya manta. Ya goge shi ya yi ƙyalli, har ya zama kamar jarrabawa. Kuma in za a faɗi gaskiya, da ɗan son a ga iyawarsa a ciki.

Gyaran ya fi rubutun farko yi masa wuya, domin sai ya sauko daga inda yake son tsayawa. Bai sake rubutu ba. Ya danna wurin ɗaukar murya, ya yi magana yadda ko ɗan ya ji ba abin da zai tsinta:

"Alhaji, Mai Kushin ne dai. Ga muryar nan, ta tsufa, amma ita ce. Don Allah kada ka wahalar da kanka da rubutu a ɗan gilashin nan. Wancan saƙon da ka gani, wuni guda na yi ina sassaƙa shi a bayan kwali, 'yata tana yi mini dariya, na soke ya fi sau goma. Yatsunmu na guduma ne da sitiyari. In ka samu sarari, danna kira kawai. In ba ka samu ba, ba komai, gaisuwa ce ta isa."

Ya saurara sau ɗaya, ya ji inda ya yi tari, ya bar tarin a ciki. Ya aika, ya ƙudura a ransa cewa ba zai ƙara na uku ba. Ya ɗauki guduma.

Bai gama jera ƙusoshin gefe ɗaya ba wayar ta yi ƙara.

"Kai tsoho!" Muryar ta cika shagon. "Wuni guda? Ka ce wallahi!"

"Na rantse maka."

"Ni mako guda nake fama! Na rubuta wa'alaikumussalam, wayar ta mayar mini da shi wani abu dabam, na gyara, ta sake ɓatawa. Na ce wannan mutumin ya zama farfesa, ni zan aika masa da shirme? Ai gara ya ce na mutu."

"Na kusa cewa haka, Alhaji."

"Wane Alhaji? Alhajin me? Kira ni da sunana, ko ka manta?"

"Ban manta ba, Ba-Birki. Ina jira ne a ba ni izini."

Dariyar da ta biyo baya ta ƙare da tari a ɓangarorin biyu. Suka tambayi iyali. Mai Kushin ya faɗi rasuwar matarsa, wancan ya yi ta'aziyya da murya ƙasa ƙasa, ya fara cewa da ya sani. Mai Kushin ya katse shi, ya ce wa zai gaya masa? Suka lissafa 'yan aji, wanda ya rasu da wanda ya rage. Can sai Ba-Birki ya rage murya.

"Yaron nan ne ya fara ganin saƙonka, ranar bai tafi gareji da wuri ba. Ya kawo mini, ya ce Abba, wani abokin makarantarka ne, wai gefen taga. Ya ɗauka firamare ce. Na ga abin da ka yi. Na gode."

"Ba abin da na yi. Benci ɗaya muka zauna, gefen taga ne kuma."

Sannan ya kawo maganar Malam, a fili, ba kwana: tafiyarsa, da Talata da Asabar, da cewa ba kowa. Ba-Birki ya yi abin da masu hali suka saba. Ya ce zai ɗauki wani mai ilimi ya riƙa zuwa kullum, zai aika da babbar waya mai karanta littafi da kanta, zai kai shi wajen likitan ido.

"Likita ya gama nasa tun tuni," in ji Mai Kushin. "Sauran kuwa, Malam ba karatu ya rasa ba. Mu yake so ya ji. In ka yi tuntuɓe a kalma ya gyara maka, ran nan ya ci abinci da kyau. Ka aika masa da ɗan jami'a, me zai gyara?"

"Kai, ni fa karatun ya yi tsatsa. Rabona da karanta shafi guda da ƙarfi tun muna tare."

"Ashe kai ne ya fi buƙata."

"Har yanzu bakinka bai mutu ba, tsohon banza."

"Gwiwa ce ta mutu. Talata bayan la'asar. Zan tsaya maka a bakin titi wajen mai gyaran babur, don lungun ba ya ɗaukar irin motarku."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya ce, "Bari mu gani." Mai Kushin bai matsa ba.

Ranar Talata ya tsaya a bakin titi da jarida a hammata, ya daɗe har mai gyaran babur ya miƙo masa benci. Yana shirin haƙura sai wata ƙaramar mota ta tsaya. Ba direba, ba ɗa. Dogon mutum ya fito da kansa, ya yi ƙiba, gemu fari fat, yana ɗan jan ƙafa. Suka tsaya suna kallon juna, kowa yana neman saurayin da ya sani a fuskar tsoho. Suka yi musafaha, ba wanda ya saki hannun wani har suka kai ƙofar gidan.

Ɗakin Malam ƙarami ne: gado, kujera ɗaya da Mai Kushin ya gyara da hannunsa, da kwalayen littattafai a jikin bango. Ba-Birki ya cire takalmi, ya durƙusa da ƙyar, ya yi sallama. Malam ya karkata kai.

"Wannan muryar ta direba ce," ya ce. "Ina ka shiga?"

"Hanya ce ta yi tsawo, Malam."

"To ka iso. Mai Kushin, ba shi jaridar mu ji abin da ya rage."

Gumi ya tsattsafo wa Alhaji a goshi. Ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko, ya fara. Ya yi tuntuɓe a kalma ta huɗu. Malam ya ce ya raba ta gaɓa gaɓa. Ya raba, ta fito. Ya ci gaba a hankali, muryar da ke tsorata ma'aikata ta koma ƙarama. Mai Kushin ya zauna a bakin gado, ya san kowace kalma kafin a kai gare ta, bai buɗe baki ya taya ko sau ɗaya ba. Da aka kai ƙarshen labarin, Malam ya tambayi mai karatu me ya fahimta, suka shiga gardama a kan farashin man mota, har 'yar ƙanwar Malam ta dawo daga aiki ta leƙo don ta ga wa ke ɗaga murya haka a gidanta.

A hanyar fita Mai Kushin ya yi masa bayanin abin da ya rage. Kunnen hagu ne mai ji, a zauna ta nan. In ya ce a tsaya, tunani yake yi, ba barci ba. Kada a zo masa da kaya niƙi-niƙi, yana jin nauyi. In ba za a samu zuwa ba, a kira 'yar ƙanwar tun da safe, don tun azahar yake sa a gyara masa hula.

"Talata tawa ce," in ji Ba-Birki. "Asabar ina da taron direbobi." Ya buɗe ƙofar mota, ya tsaya. "Taron ma ai ni nake kiransa. Zan mayar da shi Lahadi."

Ya ce zai kai Mai Kushin gida, ya kai shi, suka daɗe a mota a ƙofar gida suna hira. A ƙarshen makon 'yar ta zo da mota, aka ɗora kaya. Bayan haka murya ce ke kai da kawowa a tsakaninsu, yawanci Talata da yamma, Ba-Birki yana kawo ƙarar kalmar da Malam ya kama shi a kanta. Ido da ido kuwa, ganinsu na ƙarshe shi ne na ranar nan, Talata, 12 ga watan Maris, 2019.